Nasiha ga Malamai: Kada Tambayar Haɗawa Ta Amsa Kanta

 Nasihata ta yau a kan wata irin tambaya ce da babu wanda ya riƙe alli a cikinmu bai taɓa rubuta ta ba. Ina nufin tambayar nan mai jeri biyu, kalmomi a hagu, ma'anoni a dama, a ce wa yaro ya haɗa kowace kalma da ma'anarta. Malamai muna son ta saboda sauƙin maki, kuma tana cin darasi mai yawa a ɗan fili kaɗan. Su ma yara suna son ta, sai dai dalilinsu daban ne da namu. Sun riga sun gano cewa a cikin duk tambayoyin da muke yi musu, ita ce ta fi saurin tona asirin amsarta. Na daɗe ina duba takardun tambayoyin malamai kafin a kai su bugawa, kuma abin da tsufa a wannan aiki ya nuna mini shi ne: idan ba a gina ta da kula ba, wayon yaro take aunawa, ilminsa yana gefe ba a taɓa shi ba.

Wata shekara, ana shirin jarrabawar ƙarshen zango, wani matashin malamin Hausa ya kawo mini takardarsa ta aji ɗaya na babbar sakandare. Yaro ne mai ƙwazo, rubutunsa tsaf, babu kuskuren ƙa'ida ko ɗaya. A ciki akwai wannan:

Jerin hagu:
1. Tatsuniya
2. Abubakar Imam
3. Wasali
4. Wakilin suna
5. 1939

Jerin dama:
A. Shekarar da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo
B. Kalmar da ke wakiltar suna a cikin jumla
C. Marubucin littafin Ruwan Bagaja
D. Ƙagaggen labari da ake ba yara, an fi yin ta da dare
E. Sautin da ake furtawa ba tare da iska ta gamu da tangarɗa ba

Na ce masa, "Malam, me kake son sani game da yaranka da wannan tambaya?" Ya ce, "Baba, so nake in ga ko sun riƙe abin da muka yi tun farkon zango." Na ce ya kira mini yaro ɗaya daga ƙaramar sakandare, wanda bai taɓa zama a darasinsa ba. Aka kira wani ɗan aji ɗaya, muka miƙa masa takardar. Kafin mu gama gaisawa da wani baƙo da ya leƙo ofis, yaron ya dawo da ita, biyar cikin biyar.

Ku bi sawun yaron nan ku ga yadda ya yi. A dama an ce "shekarar da", a hagu kuwa lamba ɗaya ce tak, sai ya haɗa su, bai san ko akwai wata jarida mai wannan suna ba. An ce "marubuci", sunan mutum ɗaya ne a jerin, ya haɗa. Ya ga "wakiltar suna" ya ga "wakilin suna", kunne kaɗai ya isa. Tatsuniya kuwa a ɗakin kakarsa ya san ta. Wasali ya rage, ma'ana ɗaya ta rage, ya ɗauka kyauta. Duk abin da malamin ya rubuta gaskiya ne, amma babu ɗaya a ciki da tambayar ta auna. Da an bar ta haka, aji zai cinye makin, malam ya tafi hutu yana murna, alhali bai san wanda ya gane da wanda bai gane ba.

Cutar farko ke nan, kuma ita ce uwar sauran: tara abubuwan da ba dangin juna ba a jeri ɗaya. Idan kana son ka san ko yaro ya san hatsi, ba gero da doya za ka ajiye masa ba, don ko baƙo daga wata ƙasa zai raba su. Gero da maiwa za ka ajiye. Amfanin tambayar haɗawa duk a nan yake: ta gwada ko yaro zai iya rabe abubuwan da suka yi kama. Saboda haka jeri ɗaya, dangi ɗaya. In marubuta ne, duk su zama marubuta. In shekaru ne, duk shekaru. In sassan jumla ne, kada sunan gari ya ratso ciki. Ma'auninta mai sauƙi ne. Ɗauki kowace ma'ana ta dama ka tambayi kanka: ga wanda bai yi karatu ba, kalmomi nawa ne a hagu wannan ma'ana za ta iya shiga? In amsar ɗaya ce, wannan ma'ana ta riga ta amsa kanta. Idan darasin da ka koyar bai ba ka abubuwa biyar 'yan gida ɗaya ba, to ba tambayar haɗawa ce ta dace da shi ba, ka nemi wata hanyar.

Cuta ta biyu ita ce daidaita yawan jerin biyu, biyar a hagu biyar a dama. Wannan kam lissafi ne, kuma ya kamata kowane malami ya san shi. Yaron da ya san huɗu ya samu ta biyar ba da saninsa ba. Shi ya sa a irin wannan tambaya, muddin yaro ya cike duka bai maimaita harafi ba, ba za ka taɓa ganin huɗu cikin biyar ba: ko biyar, ko uku, ko ƙasa da haka. Wanda ya san uku, kalmomi biyu da ma'anoni biyu suka rage masa, hanya biyu ce kawai, ko dai ya dace da duka biyun ko ya rasa duka biyun. Ke nan rabin yaran da suka san uku za su fita da maki biyar, daidai da wanda ya kwana yana karatu. Wanda bai san komai ba ma, in ya yi canki-canka, a tsaka-tsaki maki ɗaya yake samu. Abin mamaki, wannan ɗayan ba ya canzawa, ko jerin biyar ne ko goma ko ashirin, muddin hagu da dama sun yi daidai. Tsohon lissafi ne, wani Bafaranshe mai suna Montmort ya tattauna shi tun 1708 a kan wasan karta.

Maganin kuwa ba shi da tsada: ƙara ma'anoni biyu a dama waɗanda ba su da abokan haɗi. Da kalmomi 5 da ma'anoni 7, wanda ya san huɗu yana fuskantar ma'anoni uku, damarsa ta koma ɗaya cikin uku. Wanda ya san uku, kalmomi biyu ne a gabansa da ma'anoni huɗu, hanyoyin haɗa su 12 ne, ɗaya ce kawai ke ba shi duka biyun. Daga rabi an koma ɗaya cikin 12, da layi biyu kacal da ka ƙara. Amma da sharaɗi: rarar nan biyu su ma su zama 'yan gida. In ka cusa ma'anar da kowa zai gane bare ce, ka ɓata tawada ne kawai, yaro zai tsallake ta kamar ba ta nan.

Cuta ta uku ta fi ɓuya, kuma harshenmu yana da tasa hanyar kamuwa da ita. Hausa tana bambanta namiji da mace a kusan kowace jumla. Dubi ma'anar D a takardar can: "an fi yin ta da dare". Wannan "ta" ɗin yatsa ce da ke nuna tatsuniya. In ka rubuta "wata", ko "wadda", ko ka rufe da "ce", alhali kalma ɗaya ce ta mace a jerin hagu, ka ba da amsa. Haka jam'i yake: in ma'ana ta fara da "su ne", kuma kalma ɗaya ce jam'i a hagu, an gama. Sai maimaita saiwar kalma, irin "wakilin suna" da "wakiltar suna", ko "aikatau" da "kalmar da ke nuna aiki", ko "mahaɗi" da "kalmar da ke haɗa". Nahawunmu cike yake da sunayen da ke bayyana kansu, don haka mai tambayar nahawu sai ya yi hattara ninki biyu. Akwai kuma tsawo: mu malamai mukan zuba bayani mai yawa a kan abin da muka fi jaddadawa a aji, yara kuma sun san halinmu. Ma'anar da ta fi sauran tsawo da ƙawa, sun san ta babbar kalmar darasi ce. Ka daidaita tsawonsu gwargwadon iko, ka fara su da siga iri ɗaya.

Muka zauna da malamin nan muka sake gini. Na tambaye shi wane darasi ne yara suka fi rikicewa a kai. Ya ce adabin baka, musamman zambo da habaici, da kirari da take. Na ce to ga tambayarka nan, tun da a nan ne rabewa take da wuya. Ga abin da muka fitar:

Umarni: A jerin hagu akwai kalmomi 5 na adabin baka. A jerin dama akwai ma'anoni 7. Rubuta harafin ma'anar da ta dace a gaban lambar kowace kalma. Ba a amfani da harafi ɗaya sau biyu. Ma'anoni biyu ba su da abokan haɗi. Kowace amsa maki ɗaya.

Jerin hagu:
1. Habaici
2. Karin magana
3. Kirari
4. Take
5. Zambo

Jerin dama:
A. Kiɗa ko busa da aka keɓe wa wani mutum ko sarauta, da an ji an san da wa ake
B. Gajeren zancen hikima da aka gada, mai ɗauke da ma'ana mai faɗi
C. Muzanta mutum a fili ta hanyar siffanta aibinsa yadda kowa zai gane shi
D. Martani mai zafi da ake mayar wa wanda ya yi tambaya ko ya kawo zance
E. Sukar mutum a kaikaice ba tare da kama suna ba, sai wanda ya tsargu
F. Tambaya a dunƙule da ake jefa wa mutum don a gwada kaifin tunaninsa
G. Jera kalmomin yabo da kambamawa da baki, ga kai ko ga wani

Amsa ita ce 1 E, 2 B, 3 G, 4 A, 5 C. Rarar su ne D, wato baƙar magana, da F, wato kacici-kacici.

Yanzu ku duba abin da ya canza. Yaron da bai yi darasin ba, in ya tsaya a kan habaici, zai ga C da D da E duk suna ƙanshin ɓatanci. Ba zai fita ba sai ya san cewa zambo a fili yake, mai yin sa yana siffanta mutum har kowa ya gane shi, habaici kuwa a lulluɓe yake, ba a kama suna, ita kuma baƙar magana amsa ce, sai an yi maka magana kake mayar da ita. In ya zo kan kirari, A da G duk yabo ne, sai ya san cewa ɗaya da baki ake yi, ɗaya kuma kalangu ko tambari ko algaita ke faɗar sa. Mun guje wa kalmar "magana" a ma'anar B don kada ta kira "karin magana" da sunanta. Kusan duk ma'anonin sun fara da suna, babu "ne" babu "ce". Ba mu kuma kwafo su kalma da kalma daga littafin aji ba, don in aka kwafo, hadda ake aunawa: yaro ya tuna kalmomin farko na layin ya haɗa, ko bai fahimci sauran ba.

Ku lura da ma'anar take. A bakin jama'a take da kirari sukan shiga juna, har wani ya kira abu ɗaya da duka sunayen biyu. Shi ya sa muka ɗaure ma'anar da kiɗa da busa, kamar yadda malamin ya koyar a aji. Wannan ita ce iyakar nasihata ta farko. Kusanci ake so, amma kada kusancin ya kai inda ma'ana ɗaya za ta dace da kalma biyu da gaske. In malamai biyu masana darasin za su yi gardama a kan amsa, ba yaro ne zai raba musu gardama a zauren jarrabawa ba. Kafin ka buga, ba wa abokin aikinka takardar ba tare da amsa ba. In amsarsa ta saɓa da taka ko a wuri ɗaya, gyara ma'anar, kada ka tsaya kare ta.

Ku kuma lura cewa lamba ta 2 tana fuskantar harafinta, B. Da gangan muka bar ta. Yawancin malamai, in suna hargitsa jerin dama, ba sa yarda ma'ana ta tsaya daura da kalmarta, suna ganin kamar kyauta ce. Yara sun daɗe da gano wannan, sai su soke wadda ke daura da kalma tun kafin su karanta. Ka rage musu zaɓi ɗaya a kowace lamba ba ka sani ba. A jeri mai biyar da biyar, hanyoyin jerawa 120 ne, 44 ne kawai a ciki babu ko ɗaya da ta fuskanci abokiyarta. Wato in da gaske hargitsawa aka yi, an fi samun wadda ta faɗo daura da tata. Hanya mafi tsabta ita ce ƙuri'a: rubuta ma'anonin a 'yan takardu, ka naɗe, ka zuba a hula, ka riƙa zarowa kana jerawa yadda suka fito. Kalmomin kuma ka jera su bisa abacada, in shekaru ne daga ƙarama zuwa babba, don jerin kansa kada ya ce komai.

Akwai wata dabara da ta shafi wahalar karatu, ba wahalar darasi ba. Mun saba kalmomi a hagu da lamba, ma'anoni a dama da harafi. To yaro a kan kowace lamba yake tsayawa ya bi jerin dama yana nema. In ma'anoni 7 ne, kowace kalmomi 15, zai iya bin su sau biyar, wato ya karanta kalmomi har 525 don maki biyar. Yaron da ya san darasi amma karatunsa na tafiyar hawainiya, lokaci zai ƙare masa a nan. In ka juya, ka sa wa ma'anoni lamba a hagu, gajerun kalmomi su koma dama da harafi, zai karanta kowace ma'ana sau ɗaya, kalmomi 75 ke nan, sannan ya ɗan waiga jerin gajerun kalmomi. Ilmin da ake aunawa bai canza ba, nauyin karatu ya ragu ƙwarai. Ƙari a kan haka, rarar ta zama kalmomi biyu maimakon ma'anoni biyu, ta fi sauƙin samu. In ma'anoninka gajeru ne, bar su a dama ba laifi. In sun kai layi guda ko fiye, juya su.

Sai zancen yawa. Na sha ganin malami ya jera kalmomi ashirin da ma'anoni ashirin, yana ganin ya tsananta. Bai tsananta ba, ya gajiyar da ido ne kawai, kuma da wuya a samu abubuwa ashirin 'yan gida ɗaya, dole bare su shigo. Biyar zuwa takwas ya wadatar, kada dai a wuce goma. In darasin da yawa, raba shi gida biyu ko uku, kowane da umarninsa. Jerin biyu kuma su zauna a shafi ɗaya. Mai buga takarda ba ruwansa, in fili ya ƙare sai ya tura rabin jerin dama zuwa bayan shafi, yaro ya yi ta juya takarda har ya manta abin da yake nema. Ka duba da idonka bayan an buga, kafin a yi kwafi. In a allo za ka rubuta, rubuta duka biyun gefe da gefe, kada ka goge ɗaya don ka samu wurin ɗaya, kuma ka je bencin ƙarshe ka tabbatar ana gani.

Game da jan layi daga kalma zuwa ma'ana, ku bar wa 'yan firamare na ƙasa, inda ake haɗa hoto da suna kuma abubuwan ba su wuce huɗu ba. Da an girma, layuka sukan sarƙe, wani ya ƙare a tsakanin ma'ana biyu, wani an goge an sake ja. Akwai ma yaron da ke yin hakan da gangan, ya bar wa malam ya zaɓa masa. A sa ɗan fili a gaban kowace lamba, a rubuta babban harafi. Ka faɗa tun farko cewa harafin da aka rubuta a kan wani, ko wanda ba a gane C ne ko G ba, ba shi da maki. Wanda zai canza amsa ya soke ta farko da layi ɗaya ya rubuta sabuwa a gefe.

Idan an gama jarrabawa, yawancinmu mukan tara maki mu shigar a rajista mu ɗaure takardu. A nan muke zubar da mafi amfanin abin da tambayar ta kawo. Ɗauki farar takarda, ka ja gidaje, lambobi biyar a tsaye, haruffa bakwai a kwance. Duk takardar da ka duba, sa ɗan ɗigo a gidan harafin da yaron ya zaɓa wa kowace lamba. A ce ajinka yara 60 ne. Ka gama ka ga a kan habaici 25 sun zaɓi C, a kan zambo kuma kusan su ɗin ne suka zaɓi E. Wannan ba kuskure biyu ba ne, ruɗani ɗaya ne da ya ci maki biyu, don wanda ya musanya biyu dole ya faɗi sau biyu. Ka san darasin da za ka maimaita ranar da aka dawo, ka kuma san cewa yaron da ya samu uku ta wannan hanya ya fi abin da makinsa ya nuna kusa da ganewa. In kuwa ɗigon wata lamba ya watsu ko'ina cikin haruffa, wannan ba ruɗani ba ne, rashin sani ne, darasin bai shiga ba sam.

Takardar ɗigon nan tana duba malam kamar yadda take duba yara. In ka ga yaran da suka fi kowa ƙoƙari sun taru a kan harafin da ba shi ne amsarka ba, raunana kuma suna dacewa, koma ka karanta ma'anarka, akwai abin da masu lura suka gani wanda ya kuɓuce maka. In kuma wata rara babu wanda ya taɓa ta, ba ta yi aikinta ba. A tambayarmu ta sama, F ce mai wannan rauni, don kowane ɗan Bahaushe ya san kacici-kacici tun yana ƙarami, kuma babu kalmar hagu da ta yi kama da shi. In za a sake amfani da tambayar, gara a cire ta a sa ma'anar barkwanci: tsokanar raha tsakanin abokan wasa, irin ta taubasai, ko ta Fulani da Barebari, ko ta Kanawa da Zagezagi. Wannan tana kusa da zambo, yaro sai ya san cewa ɗaya wasa ne da al'ada ta yarda da shi, ɗaya kuma cin fuska ne. Da haka tambaya take gyaruwa shekara bayan shekara. Wadda ta yi kyau ka adana ta a littafinka tare da takardar ɗigonta.

Duk da wannan gyara, ku san iyakarta. Ko an gina ta yadda ya kamata, abin da take nunawa shi ne yaro ya gane ma'ana idan an ajiye masa ita a gaba. Ba ta nuna zai iya kawo ma'anar da kansa ba, balle ya gane abin in ya gamu da shi a waƙa ko a tsakar gida. Ana iya matsar da ita gaba kaɗan. Maimakon ma'anoni, a jera misalai, a ce yaro ya faɗi ko wane iri ne kowanne. A rubuta, misali, "Wasu dai tun da suka ci bashin goro suka canza hanyar kasuwa", a rubuta "Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo", a kawo misalai takwas ga kalmomi huɗu, a faɗa a umarni cewa harafi ɗaya zai iya amsa lamba fiye da ɗaya. Da an yarda da maimaita harafi, dabarar soke abin da aka riga aka yi amfani da shi ta mutu gaba ɗaya, kowace lamba sai an yi mata tunaninta. Amma ko wannan ba ya maye gurbin a ce wa yaro ya ƙirƙiro habaici nasa, ya bayyana abin da ya hana shi zama zambo. Don haka kada tambayar haɗawa ta cinye takarda. Ba ta kasonta, ka bar fili ga tambayar da yaro zai yi rubutu da hannunsa da tunaninsa.

'Ya'yana, maki shaida ce. Uba yana karɓar sakamako ya gaskata abin da muka rubuta, malamin aji na gaba ya ɗora gini a kai, yaron kansa ya ɗauka ya iya. In tambayarmu ce ta amsa kanta, mun ba da shaidar abin da ba mu gani ba, kuma yaron ne zai biya a gaba, ranar da ya gamu da tambayar da ba ta da rangwame. Roƙona gare ku bai fi ƙarfin kowa ba. Kafin ku kai takarda bugawa a wannan zango, ku yi abu biyu: ku ba wanda ya san darasin ya amsa, ku ba wanda bai taɓa jin darasin ba shi ma ya amsa. In na farko ya rasa ko ɗaya, ma'anarku na da gyara. In na biyu ya ci fiye da ɗaya ko biyu, tambayar tana tona kanta, ku sake gina ta. Allah Ya sa albarka a allinku, Ya ba mu ikon riƙe amanar 'ya'yan mutane.